Yadda Ake Shirya Rabon Kyauta a Shafin Sana'a Ya Jawo Masu Saye

Rabon kyauta a kafofin sada zumunta wata garaɓasa ce da mai sana'a yake sanarwa a shafinsa: ya ajiye kyauta, ya gindaya sharuɗɗan shiga, ya sa rana, sannan ya fitar da wanda ya ci ta hanyar ƙuri'a ko ta alƙalanci. Abin da ake nema da ita shi ne ƙarin mabiya waɗanda wata rana za su zama abokan ciniki. Matsalar da aka fi sani ita ce akwai mutanen da ba su da wani aiki a waya sai bin sawun rabo daga shafi zuwa shafi. Suna shigowa da yawa, su cika shafi da lambobin asusun banki, in an gama rabo su watse ko su yi shiru har abada. Ba abin zargi ba ne mutum ya nemi kyauta a cikin wannan hali na matsin rayuwa, kuma wanda ya yi niyyar sadaka ya raba wa kowa, Allah ya ba da lada. Amma mai sana'a da ya ware kuɗi don talla yana da wata manufa dabam, kuma abubuwa biyu ne suke yanke irin mutanen da za su amsa kiransa: kyautar da ya ajiye da sharaɗin da ya sa. Sauran aikin duk hidima ce ga waɗannan biyun.

Wannan ya fi fitowa fili ga mai sana'ar da kasuwarsa ke da iyaka ta ƙasa. Telar mata a Tambuwal abokan cinikinta suna cikin gari ne da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kebbe da Kuchi, sai kuma 'yan tsallaken iyakar jihar Kebbi irin su Aliero da Jega. Mabiyi da ke Legas ko Maiduguri ba zai kawo mata ɗinki ba ko da ya shekara goma yana bin shafinta. Saboda haka wannan bayani zai bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe: a ƙaddara wata tela ce a Tambuwal mai shafin Facebook da mabiya 600, tana ɗinki tana kuma sayar da atamfa, ta ware naira 30,000 don rabon kyauta. Alƙaluman misalin duk na kwatance ne, kowa sai ya sa nasa farashin.

Zaɓen kyauta

Hanya mafi sauƙi ita ce ta raba kuɗin gida sittin, ta ba mutum sittin katin waya ko data na naira ɗari biyar-biyar. Wannan ita ce kyautar da ta fi kowace jawo jama'a, kuma ita ce ta fi kowace rashin amfani ga sana'a. Kati kowa yana so, namiji da mace, yaro da babba, na kusa da na nesa, kuma ana tura shi ko'ina cikin daƙiƙa ɗaya. Babu wani abu a jikinsa da ke bambanta mai son ɗinki da wanda bai taɓa tunanin ɗinki ba. Haka kuɗin da ake turawa ta asusu, haka sabuwar waya. Ita waya ma ta fi muni, domin ko wanda ba ya buƙatarta ya san nawa za ta yi a kasuwa.

Kyautar da ta dace ana gwada ta da tambayoyi uku. Shin daga cikin hajar shagon ta fito? Shin wanda ba ya buƙatar irin wannan haja zai damu da ita? Shin sai an zo wuri kafin a karɓe ta? Telar ta samu amsar duka ukun a kyauta guda: turmin atamfa ɗaya, yadi shida, tare da ɗinkinsa a shagon. A lissafin misalin, atamfar naira 18,000, ɗinki naira 7,000, sauran naira 5,000 na data da kuɗin mota idan za a aika kayan wani ƙauye. Ɗinki yana da wata fa'ida da sauran kaya ba su da ita, wato sai da awo. Dole wadda ta ci ta zo shago ko ta aiko da rigar da za a ɗauki awo a jikinta, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa na nesa ya haƙura ba tare da an kore shi ba. Bayan haka kyautar kanta talla ce, domin wadda ta ci za ta sa kayan ranar Sallah ko ranar biki, a tambaye ta wa ya ɗinka.

Ƙa'idar ɗaya ce ga sauran sana'o'i. Mai sayar da kayan noma a Kebbe zai iya ajiye famfon feshi na goyo mai lita 16 ana gab da faɗuwar damina, a zo shago a karɓa. Gaskiya ne ana iya sayar da famfo, amma ba wanda zai biya kuɗin mota daga Kano don ya zo ya ɗauke shi, kuma wanda ba ya noma ba zai ɓata lokacinsa ba. Mai gyaran waya zai iya ajiye canjin gilashi kyauta, mai dambun nama ya ajiye roba biyu. Ƙaramar kyauta daga cikin haja ta fi babbar kyauta daga wajenta, kuma babu hikima a ajiye abin da in an bayar da shi jari zai girgiza.

Lokaci ma yana cikin zaɓen kyauta. Tela ba ta yin rabon ɗinki a goman ƙarshe na azumi, lokacin da keken ba ya hutawa kuma ba ta da wurin karɓar sabon aiki. Watan Sha'aban ya fi dacewa, domin a lokacin ne mata suke fara tunanin kayan Sallah ba su riga sun kai wa wata telar ba. In aka yi ƙuri'a kafin a ɗauki azumi, aka gama ɗinkin a satin farko, hoton kayan zai fita a daidai lokacin da masu neman tela suke dubawa.

Abin da kafofin suka hana

Kafin a tsara sharaɗin shiga, sai an san iyakar da masu kafar suka shata, domin yawancin sanarwar rabon da ake gani kullum sun saɓa wa doka, kuma ganin wasu suna yi ba a taɓa su ba, ba ya nufin an halasta.

A Facebook, ƙa'idojin shafuka sun yarda a gudanar da gasa a shafin sana'a ko a zaure ko a shafin taro. Tun watan Agustan 2013 aka yarda mutane su shiga gasa ta hanyar rubuta sharhi a ƙarƙashin sanarwar. Abin da aka hana ƙarara shi ne amfani da shafin mutum na kansa da zumuncin abokansa wajen gudanar da gasa. Ba a cewa sai mutum ya danna Share ya ɗora sanarwar a bangonsa kafin ya shiga, ba a cewa ya ɗora a bangon abokinsa don ya ƙara damar ci, ba a kuma cewa ya ambato sunayen abokansa a ƙarƙashin sanarwar a matsayin sharaɗi. Waɗannan su ne ainihin sharuɗɗan da aka fi sabawa da su, amma duka ukun haramtattu ne. Wannan kuma yana nufin telar da take talla a shafinta na kanta, wanda ake aika wa neman abota, ya kamata ta buɗe shafin sana'a kafin ta yi rabo.

Akwai wasu abubuwa biyu da Facebook da Instagram suka wajabta a rubuta a kowace gasa. Na farko, a bayyana cewa kafar ba ta ɗauki nauyin gasar ba, ba ta goyi bayanta ba, ba ita ke gudanar da ita ba, kuma ba ta da alaƙa da ita. Na biyu, duk wanda ya shiga ya yarda ya sauke wa kafar duk wani alhaki. Haka kuma mai gasar ne ke da nauyin rubuta sharuɗɗa, da faɗin shekaru da wurin zaman waɗanda suka cancanta, da bin dokar ƙasa. Instagram ta ƙara da cewa kada a sa mutane su maƙala sunansu a hoton da ba sa ciki.

Sai batun sayen mabiya da kyauta. A watan Nuwamban 2014 Facebook ta hana manhajojin gasa su tilasta wa mutum danna Like a shafi kafin ya ga gasar, a watan Disamban 2017 kuma ta fara danne rubuce-rubucen da ke roƙon dannawa da yaɗawa, ta yadda mutane kaɗan ne za su gan su. Ƙa'idojin kamfanin Meta kan saƙonnin banza sun hana a sa mutane cikin ƙuri'ar kuɗi ko abin da ke daidai da kuɗi a madadin Like ko Follow ko Share, sun kuma hana a yi alkawarin ba da abu mai daraja ga duk wanda ya danna. Katin waya da data sun yi kusa da kuɗi ƙwarai, don haka rabon kati ya haɗa illa biyu: yana jawo mutanen da ba su dace ba, yana kuma jefa shafin cikin haɗari. Hukuncin yakan fara da cire sanarwar ko rage masu ganin shafin, in aka maimaita ya kai ga taƙaita shafin ko rufe shi.

Hanyar da ta fi aminci, kuma wadda wannan jagora ta fifita, ita ce kada bin shafi ya zama sharaɗi ko kaɗan. A gayyaci mutane su bi, a faɗa musu gaskiya cewa a nan za a sanar da sakamako kuma a nan sabbin ɗinkuna ke fitowa. Wanda ya bi da son ransa yakan zauna. Wanda aka tilasta yakan tafi ranar da aka sanar da sunan wani.

WhatsApp shi ne inda ainihin ciniki yake ƙarewa a wannan yanki, don haka yana da kyau a san halinsa. Tun 2019 aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha turawa aka mai da shi wuri ɗaya kacal. Sharuɗɗan kafar sun hana aika saƙonni barkatai ga mutanen da ba su nema ba, kuma idan mutane da yawa suka danna Report ko Block ana iya rufe lambar. Sharaɗin "tura wa zaure goma" saboda haka ba shi da wuri, balle kuma da irinsa 'yan damfara suka yi suna. Ga mai sana'ar da lambarsa ita ce ƙofar shagonsa, rufe ta ya fi asarar kowace kyauta.

Dokar ƙasa da addini

Iyakar da ke tsakanin kyauta da caca ita ce biyan kuɗin shiga. Da zarar an ce a turo ɗari biyu don a sa suna, an bar garaɓasa an koma caca, abin da Musulunci ya haramta kuma dokar Shari'a da jihar Sakkwato ta kafa a shekarar 2000 ta hana. Ita ƙuri'a a kan kanta ba laifi ba ce, domin ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Inda malamai suka yi saɓani shi ne a ce sai wanda ya sayi kaya zai shiga ƙuri'a, musamman idan an ƙara farashi saboda kyautar ko mutum ya sayi abin da ba ya buƙata don kwaɗayin ci. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da dalilin shiga wannan saɓani. Shiga ta zama kyauta ga kowa, shi ke nan.

Ta fuskar gwamnati, a ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar tarayya ta 2005 kan harkar ƙuri'ar kuɗi ba ta aiki sai a Abuja, sauran jihohi kowace da ikonta. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya kuwa tana da tsarin rajistar garaɓasar kamfanoni, don haka wanda rabonsa ya girma ya kai ga babura da firji ya nemi shawarar lauya kafin ya sanar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta shafi kowa: lambar wayar da aka karɓa don gasa ba a sayar da ita, ba a ba wani, ba a kuma jefa mai ita cikin zauren talla ba tare da izininsa ba.

Sharaɗin shiga

Sharaɗi mai kyau yana ɗaukar minti ɗaya ko biyu, yana da sauƙi ga mai sha'awar haja, yana kuma da gundura ga wanda ba ruwansa da ita. Telar za ta ɗora hotunan ɗinki uku na hannunta, ta sa musu lamba, ta nemi kowace mai shiga ta rubuta abu uku a sharhi guda: ɗinkin da ta zaɓa, dalilin zaɓen, da garin da take. Mai bin sawun rabo ya saba da rubuta "Allah ya sa ni ne" ya wuce. In aka ce ya kalli hotuna ya yi bayani, da yawa sukan tsallake. Wadda kuwa take tunanin kayan Sallah daɗi za ta ji an tambaye ta ra'ayinta. Amsoshin kuma suna da amfani ko ba gasa, domin daga cikinsu telar za ta san ɗinkin da ake yayi a bana da garuruwan da masu kallonta suke.

Ga yadda sanarwar za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Shagonmu zai ba da kyautar turmin atamfa ɗaya tare da ɗinkinsa ga mace ɗaya. Mai son shiga ta rubuta a ƙarƙashin wannan sanarwa ɗinkin da ya fi burge ta cikin ukun nan, da dalili, da garin da take. Shiga kyauta ce, sau ɗaya ga kowace mace mai shekara 18 zuwa sama da ke zaune a Tambuwal ko Kebbe ko kewayensu, wadda za ta iya zuwa awo ko ta aiko da rigar awo. Ma'aikatan shago da 'yan gidanmu ba sa ciki. Za a rufe ranar Alhamis da ƙarfe tara na dare, a yi ƙuri'a kai tsaye a wannan shafi ranar Asabar bayan La'asar. Ba a musanya kyautar da kuɗi. Ba za mu nemi kuɗi ko lambar sirri daga kowa ba. Facebook ba ta ɗauki nauyin wannan gasa ba, ba ta goyi bayanta ba, ba ita ke gudanar da ita ba, ba ta da alaƙa da ita, kuma duk wadda ta shiga ta sauke mata duk wani alhaki."

Kowace jimla a ciki tana toshe wata ƙofar rigima. Cire 'yan gida yana da zafi a garin da kowa ɗan uwan kowa ne, amma in ƙanwar tela ta ci, ko da ƙuri'ar ta gaskiya ce, ba wanda zai yarda. Damar aiko da rigar awo an sa ta ne saboda matan aure da ba sa fita, waɗanda su ne ma kaso babba na abokan cinikin. Hana musanya da kuɗi kuwa shi ke rufe ƙofar baya da mai bin sawun rabo zai ce a turo masa kuɗin atamfar kawai.

Kwana biyar zuwa bakwai sun isa. Ƙasa da haka, matan ƙauyukan da sabis ke wahala ko waɗanda sai sun sa data jefi-jefi ba za su gani ba. Fiye da haka, abin yakan huce, labarinsa kuma ya isa zaurukan masu farautar rabo. Yana da kyau ranar kasuwar Tambuwal ta faɗo a cikin kwanakin, a manna takarda a ƙofar shago, a faɗa wa masu shigowa da baki, a sa a Status na WhatsApp. Mutanen da aka samu ta waɗannan hanyoyi 'yan gari ne da ma. In akwai rarar kuɗi, Facebook tana ba da damar biyan talla ga mutanen da ke cikin wata da'ira kewaye da gari, a zaɓi mata kaɗai da shekarunsu, kuma wannan halastacciyar hanya ce ta faɗaɗa sanarwa maimakon tilasta yaɗawa.

Tantancewa da ƙuri'a

Bayan rufewa, a kwafe sunayen waɗanda suka cika sharaɗi a littafi, a ba kowace lamba. A nan ake cire na bogi, kuma alamominsu ba ɓoyayyu ba ne: asusun da aka buɗe kwanan nan ba hoto ba abokai, bangon da babu komai a kansa sai sanarwar rabon wasu, sharhi iri ɗaya da kuskuren rubutu iri ɗaya daga sunaye daban-daban, ko lambar asusun banki a maimakon amsa. Sai dai a yi hattara. Mata da yawa a wannan yanki ba sa sa hotonsu, suna amfani da laƙabi irin na uwar wane, wasu ma da wayar miji ko ta ɗa suke shiga. Rashin hoto kaɗai ba hujja ba ce. Abin da ake cirewa da shi shi ne saɓa wa sharaɗin da aka rubuta, ba zato ba, kuma in akwai shakka a bar sunan, domin sharaɗin awo zai yi nasa aikin daga baya.

A ce sunaye 140 suka tsira. A wallafa jerin da lambobinsa kwana ɗaya kafin ƙuri'a, sunaye kawai ba lambar waya, don wadda aka tsallake ta yi magana. Ranar ƙuri'a a yanka takardu 140 masu girma ɗaya, a rubuta lambobi, a naɗe su iri ɗaya, a zuba a ƙwarya a gaban kyamara, a girgiza, a sa yaro ƙarami ya ɗauko. Bidiyon ya kasance kai tsaye ba yankewa, da shaida ɗaya wanda ba ɗan shago ba, kamar maƙwabcin shago da aka sani da dattako. A ɗauko takarda uku a jere: ta farko ita ta ci, biyun suna jiran gado idan ba a same ta ba. Wanda ya fi son na'ura zai iya rubuta wannan a Excel ko Google Sheets:

```
=RANDBETWEEN(1,140)
```

Lambar tana canzawa duk lokacin da aka taɓa takardar lissafin, don haka a faɗa tun farko cewa wadda ta fara fitowa a gaban kyamara ita ce. Ga jama'ar gari ƙwarya ta fi gamsarwa, saboda kowa ya ga hannun da ya shiga da abin da ya fito.

A ba wadda ta ci kwana uku ta amsa. A tuntuɓe ta daga shafin kansa, kuma kada a ɗora hotonta ko cikakken sunanta sai da yardarta. In ba ta so, hoton ɗinkin da aka gama ya wadatar, tare da sunan garinta.

Wannan mataki ne 'yan damfara suka fi so. Sukan buɗe shafi da suna da hoto irin na shagon, su bi masu sharhi ɗaya bayan ɗaya da saƙon cewa sun ci, su nemi kuɗin aike ko lambar nan mai alƙaluma shida da WhatsApp ke turowa, wadda da ita ake ƙwace asusun mutum. Shi ya sa gargaɗin ya shiga cikin sanarwa tun farko. A riƙa bincika sunan shagon a Facebook kullum a kwanakin gasar, in an ga shafin bogi a kai rahotonsa a kuma sanar da jama'a nan take. Duk lambar waya ko ta asusu da wani ya rubuta a sharhi a ɓoye ta, don kare mai ita.

Bayan rabo, da yadda ake auna shi

Sati biyun da ke bin ƙuri'a su ke nuna ko sabbin mabiya za su zauna. Mata 139 ba su ci ba, amma kowace ta faɗi ɗinkin da take so. Telar za ta nuna yadda ake yanka atamfar da aka ci, ta nuna ta a kan keke, ta nuna ta an gama, sannan ta fito da farashin ɗinkin da aka fi zaɓa da ranar da za ta rufe karɓar aikin Sallah. In tana son yin ragi, ta buɗe shi ga duk wadda ta kawo ɗinki a wannan sati, ba tare da ta ɗaura shi a kan dannawa ko bin shafi ba. Wadda ta yi magana ta WhatsApp a tambaye ta ko a ajiye lambarta, domin Status ba ya bayyana sai kowa ya ajiye lambar ɗan uwansa.

Awon nasarar rabon kuwa ba a yin sa ranar ƙuri'a. A rubuta adadin mabiya kafin sanarwa, da ranar rufewa, da bayan kwana 30. A duba sashen Insights a ga garuruwan da mabiyan suke. A ƙirga masu tambayar farashi da waɗanda suka kawo aiki. A ƙaddara rabon kati ya kawo sabbin mabiya 1,500, wato naira 20 a kan kowane, rabon atamfa kuma ya kawo 90 kacal, wato sama da naira 330 a kan kowace. A wannan lissafi kati ne ya yi nasara, kuma shi ke ruɗin mutane. Amma in aka duba bayan wata guda aka tarar cikin 90 ɗin nan 80 suna nan, 12 sun tambayi farashi, biyar sun kawo ɗinki, to kowace sabuwar abokiyar ciniki ta tsaya a kan naira 6,000. In ribar ɗinki ɗaya naira 3,000 ce, rabin kuɗin ya dawo a zagayen farko, sauran kuma sai a Babbar Sallah da bukukuwan bayan kaka idan aikin ya yi kyau har suka dawo. Rabon da ya tafi daidai ma ba ya biyan kansa nan take, kuma wanda ba zai iya jiran haka ba gara ya rage girman kyautar.

Mabiyan kati kuwa ba rashin saye kaɗai ne illarsu ba. Facebook ba ta nuna wa duk mabiya kowane rubutu, tana lura ne da yadda waɗanda suka gani suka karɓe shi kafin ta ƙara yaɗa shi. Idan mafi yawan mabiya mutanen nesa ne da ke wuce hoton atamfa ba su tsaya ba, rubutun yakan mutu da wuri, har matan Tambuwal na asali su daina ganinsa. Alamar wannan ciwo ita ce mabiya sun ninka amma masu sharhi da masu tambaya sun ragu, ko kuma kowane sabon hoto sai a sami masu tambayar yaushe za a sake rabo. Shafin da ya kamu da shi maganinsa shi ne a dakatar da rabo gaba ɗaya na wasu watanni, a ci gaba da ɗora aikin hannu da farashi, a cire asusun bogin da aka gane. Shafin da ke lafiya ma rabo biyu a shekara sun ishe shi, ɗaya a Sha'aban ɗaya kafin Babbar Sallah, ko ga mai kayan noma ɗaya kafin damina ɗaya kafin noman rani.